Ranar da Dafaffen Ƙwai Ya Fashe Mini a Fuska

Ranar Asabar uwargida ta tafi biki Zariya, ta bar mini dafaffun ƙwai shida a firji da ɓawonsu, tare da gargaɗin kada in ƙona mata kicin. Zuwa safiyar Laraba saura uku, kuma da yake ba na son abu mai sanyi da sassafe, sai na ɓare guda ɗaya, na ɗora shi a faranti, na saka a maikirowef na ba shi minti ɗaya cur. Na taɓa jin cewa ƙwai yana fashewa a cikin wannan na'ura, amma a lissafina ɓawon ne mai laifi, tunda kuwa na cire shi, ai magana ta ƙare.

Ƙwan ya fito lafiya lau, yana sheƙi, ko tsaga babu. Na barbaɗa yaji, na gyara zama, na sunkuya na caka masa cokali mai yatsu. Ƙarar da ta biyo baya ta sa maƙwabcina ya buga katanga yana tambaya ko tukunyar gas ce. Gwaiduwa ta watsu a gilashin idona da gemuna da farar kaftanin da na goge don zuwa ofis, wani gutsure ya manne a silin, wani kuma ya sauka a kumatuna da zafin da ya sa na ruga famfo ina salati. Allah Ya taimake ni ban kai shi baki ba, domin da haƙori ne ya huda shi, da a kan harshe da leɓe zai tarwatse.

Da na kira ƙanena, wanda ya karanci kimiyyar abinci, sai da ya gama dariyarsa tsaf kafin ya ce, "Yaya, ai ɓawo ɗaya ka cire, ka bar na biyu." Bayaninsa shi ne, maikirowef yana zafafa ruwan da ke cikin abinci ne kai tsaye, kuma cikin dafaffiyar gwaiduwa akwai 'yan ƙananan gurabe masu riƙe da ruwa. Dafaffen farin ƙwai kuwa ya sandare ya kewaye ta kamar roba, ba ya barin tururi ya fita, saboda haka ruwan yakan wuce digiri 100 na ma'aunin Salshiyas ba tare da ya samu damar tafasa ba. Yana nan a matse yana jira, da zarar an huda, matsin ya sauka, sai ruwan ya rikiɗe tururi a lokaci guda ya yi wurgi da duk abin da ke kewaye da shi. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne babu wata alama daga waje da za ta nuna wa mutum cewa bom ne a farantinsa.

Hanyar da ya koya mini ta yi sauƙin da ya kunyata ni: a saka ƙwan a kwano, a zuba tafasasshen ruwa daga buta har ya rufe shi, a rufe kwanon a bar shi kamar minti 10. Idan kuma dole sai maikirowef, a yanka shi gida huɗu domin tururi ya samu mafita, a rage ƙarfin na'urar, a riƙa ba shi daƙiƙa 10 zuwa 15 ana dubawa.

Da yamma uwargida ta dawo, ta ɗaga kai ta ga silin, ba ta ce uffan ba. Firji ta buɗe, ta ɗauko ragowar biyun ta tambaya, "Baban Ummi, an ɗauke wuta bayan tafiyata?" Na amsa cewa ranar Litinin tun hantsi ba a dawo da ita ba sai bayan isha'i. Na yi saurin kare kaina da cewa dafaffen ƙwai yana kai kwana bakwai, soyayye ko wanda aka haɗa da wani abinci kuma kwana uku zuwa huɗu, ga shi yau kwana huɗu kacal. Ta ce kwana bakwai ɗin na firjin da ke riƙe da sanyin digiri 4 ne ba yankewa, alhali firjin da ba wuta ba ya riƙe sanyinsa fiye da kamar awa huɗu, shi ma in ba a buɗe shi ba, ni kuwa ta san buɗe-buɗena wajen neman ruwan sanyi. A waje, dafaffen ƙwai ba ya wuce awa biyu, in zafi ya haura digiri 32 kuma awa ɗaya ce, domin dafuwa tana wanke siririn rufin da ke kare ɓawo daga shigar ƙwayoyin cuta.

Na nemi ta bari in ɓare ɗaya in shinshina, ta ce wari da yauƙi suna tona ƙwan da ya riga ya ruɓe, amma wanda zai murɗa ciki ba lallai ne ya yi wari ba. Ta jefa su a kwandon shara, sannan ta tambaye ni wanda na ci ranar Talata. Na yi shiru ina tuna zirga-zirgar da na yi zuwa bayi a daren jiya, wadda na ɗora wa kunun ayar ofis alhakinta. Ita kuwa ta miƙo mini tsumma, ta nuna mini inda tsani yake.