Kawu rubuta min takardar ajiye aiki, shi ke nan saƙon

Jiya bayan isha'i ina zaune ƙofar gida a Aboabo sai ga saƙon ɗan yayata a Watsaf, wai Kawu dan Allah rubuta min takardar ajiye aiki gobe zan kai ma manaja. Ko ranar da zai daina zuwa bai faɗa ba, balle notis na kwana nawa zai ba su, balle abin da ya sa zai tafi. Na ce yaro ni duba nake yi? Tela ma sai ya auna ka kafin ya sa almakashi.

Ni a wurina takardar nan in babu ranar ƙarshe a ciki to gaisuwa kawai ka aika ma manaja, don shi zai zaɓa maka ranar, kuma wallahi wadda ta yi masa daɗi zai zaɓa. Sannan ita ranar ba da ka ake cewa a sa kaza ba, daga notis take fitowa. Dokar ƙwadago ta Gana ta 2003, wadda ake ce ma Act 651, sashe na 17 ya yanka ta: kwantiragin shekara uku ko fiye notis wata ɗaya ne, ƙasa da shekara uku sati biyu, mai aikin sati-sati kuma kwana bakwai. Dole a rubuce, ba wai ka tare oga a bakin get ka ce masa ni fa na gama ba. Kuma ranar da ka miƙa takardar tana cikin lissafi.

Na kira shi na ce ɗauko takardar da suka ba ka ranar da suka ɗauke ka, don wasu kamfanonin suna rubuta nasu wa'adin a ciki kuma ka sa hannu. Ya yi ta bincike, can ya gano ta cikin ledar satifiket ɗinsa duk ta yi laushi. Wata ɗaya aka rubuta. Shekararsa huɗu yana riƙe sito a wani kamfanin kayan gini a Adum, albashi sidi 2,400. Na ce to sabon wurin yaushe suka ce ka fara? Wai 10 ga Maris. Shi kuma zai miƙa takarda 3 ga Maris, ka ga ke nan ranarsa ta ƙarshe 2 ga Afrilu ce, in ya ce sai ya fita yau-yau ba notis to doka ta ba shi dama amma kuɗin wa'adin zai biya su, wato albashin wata guda cur. Shiru ya yi, sai na ji ƙarar fanka kawai. Can ya ce Kawu ai ban san haka ba, da ni a sa rana ta Juma'ar nan na so.

Maganar dalili kuwa nan ne nake saɓawa da mutane da yawa. Ba dole ba ne ka rubuta dalili, layi ɗaya na godiya ya isa, kuma dan Allah a daina zazzage ciki a takarda, wane ya yi min kaza, akanta ba ya gaishe ni. Takardar fayil za ta shiga, watarana sabon wurin aiki ya kira su yana tambayar halinka ita za a buɗe. Amma duk da haka mai rubuta maka sai ya san dalilin, saboda in muzguna maka aka yi har ka gaji, ko mace ce ta yi ta kai ƙarar mai damunta da maganar banza aka yi biris da ita, sashe na 63 yana iya ɗaukar wannan tafiyar a matsayin kora ba bisa adalci ba. To ka je ka rubuta wai ka tafi ne don raɗin kanka kana godiya da kyakkyawar mu'amala, gobe ka je Hukumar Ƙwadago ta Ƙasa da ƙara, takardarka da hannunka za su ɗaga maka.

Shi nasa ba rigima, ƙarin albashi ya samu, sai muka bar dalili a waje. Na ce da safe kafin komai ya kira sabon wurin ya roƙi su ɗaga masa zuwa 3 ga Afrilu, in sun yarda sannan ya miƙa. Ya buga kofi biyu, ɗaya sakatariya ta buga masa hatimi da kwanan wata ya dawo da ita gida, don ranar da ke kan hatimin nan daga ita za a fara ƙirga. Ya kuma tambaye su kwanakin hutunsa da bai ci ba.

Ɗazu da azahar ya turo min hoton takardar da hatiminta, ƙasa kuma ya rubuta wai Kawu abokina ma yana son irinta. Na ce ya turo min ranakunsa tukuna.