Jimla biyar a rana, kuma ka tsaya

Masu cewa "kawai ka zauna ka rubuta" wallahi ba sa taimakon wanda ya kasa farawa. Takardar da babu komai a kanta tambayoyi take jefo maka lokaci guda, me zan rubuta, wa zai karanta, ta ina zan fara, yaushe zan gama, kafin ka amsa ta farko har ka ɗauki waya, shikenan yau ta wuce.

Ni a ganina tun da daddare ya kamata ka amsa su, ka ɗaure kanka da doka ƴar ƙarama. Misali gobe jimla biyar kacal, a kan abu ɗaya da ka gani da idonka, kuma an hana ka kalmomi irin su "damuwa" da "farin ciki" da "kyau". A ce wani ka gani tsaye a bakin ƙofa. Ba dama ka ce yana cikin damuwa, dole ka rubuta ya duba agogo, ya ɗaga hannu zai ƙwanƙwasa sai ya fasa, ya mayar da hannun aljihu, ya ɗan ja baya da ya ji motsi a ciki. Ka ga hanin ne ya sa ka lura da hannun nan, da an bar ka da kalma ɗaya za ka sallame shi.

Inda mutane ke ɓata abin shi ne ranar da rubutu ya yi daɗi, sai su zarce shafi uku, washegari jimla biyar ta koma kamar kasawa, shafi uku kuma ba ya samuwa kullum. Don Allah ka tsaya a biyar ɗin, aƙalla watan farko. Shahararren marubucin Amurka Ernest Hemingway ma shawarar da ya bayar kenan, ka tsaya lokacin da ka san abin da zai biyo baya. Ka rubuta rabin jimla ta shida ka bar ta haka, gobe ita za ta karɓe ka.

Dokar ma tana iya zama ba daidai ba. In kwana uku a jere kana ɗagawa zuwa anjima, ta yi nauyi, mayar da ita jimla biyu. In kuma kana gamawa ba ka tsaya neman kalma ko sau ɗaya ba, ta yi sako-sako, kar ka ƙara yawa, hani za ka ƙara, kamar kar jimla ta wuce kalma goma.

Maganar wai kwana 21 abu ke zama jiki kuma ku rabu da ita. Binciken Phillippa Lally a jami'ar UCL ta Landan, 2009, a kan ɗabi'un ci da sha da motsa jiki, ya samu kusan kwana 66 a tsaka-tsaki, wasu 18 wasu har 254, kuma tsallake rana ɗaya bai rusa komai ba. In ka tsallake Talata kar ka ce za ka rama da goma ranar Laraba, biyar ɗinka za ka yi.