Wanda ya auna alwatika da ragi kawai, zai daɗe yana jiran farashin da ba zai zo ba

Jama'a, akwai wani awo da ake koya wa sababbin 'yan kasuwar kirifto da foreks a kusan kowane aji, kuma ni a ganina rabinsa kawai ake koya musu. Ana ce musu idan ka ga alwatika a jadawalin farashi, ka auna faɗin bakinta, ka ɗauki wannan tsawon ka ɗora daga inda farashi ya ɓalle, nan ne wurin kwasar ribarka. Maganar ba ƙarya ba ce. Amma tana aiki ne idan alwatikar ƙarama ce a kan farashin. Da zarar ta yi girma, lissafin sai ya kai mutum daji. Misalin da ya fi nuna haka ƙarara shi ne Bitkoyin na shekarar 2018.

Ga yadda abin ya kasance. A Disambar 2017 Bitkoyin ya kusa taɓa dala 20,000, daga nan ya gangaro har wajen dala 6,000 a farkon Fabrairun 2018. Ya farfaɗo ya kai wajen 11,700, ya sake dawowa. A watan Mayu ya tashi amma bai kai 10,000 ba. Ƙarshen Yuli ya tsaya wajen 8,400. Farkon Satumba wajen 7,400. Kowane tashi bai kai wanda ya gabace shi ba, amma kowace faɗuwa tana tsayawa ne a kusa da 6,000. Ka ja layi a kan waɗancan kawunan, zai gangaro. Ka ja layi a ƙasa, zai kwanta a miƙe. Wannan ita ce alwatika mai gangarowa.

Kafin a zo maganar awo, ya kamata mutum ya gane abin da ke faruwa a cikin zanen, don layukan da kansu ba sa tura farashi ko'ina. Ka ɗauka a kasuwar hatsi akwai wani babban dillali da ya ce duk buhun da ya sauko farashi kaza shi zai saya. Masu kaya suna ta sassauta farashi, suna ta kawo masa, yana ta karɓa. Duk zuwan da suka yi, jarinsa raguwa yake, su kuwa kayansu bai ƙare ba. Shi ya sa ban yarda da masu cewa yawan taɓa layin ƙasa ƙarfi yake ƙara masa ba. A alwatika mai gangarowa, kowane taɓi cin jarin masu saye yake. Alamar tana nan a tashin da ke biyo baya: na farko ya kusa ninka farashi, na Satumba bai kai kashi talatin cikin ɗari ba, na Oktoba kuwa ba ma a kira shi tashi.

Oktoban nan shi ne wurin lura. Bitkoyin ya shafe makonni yana wasa tsakanin 6,200 da 6,600, ciniki ya ja baya, mutane har suna zolayar cewa ya zama kuɗin ajiya. To a irin wannan shirun ne ake tara makamashin ɓallewa. Wanda ya saya yana ajiye umarnin tsayar da asararsa ƙasa kaɗan da 6,000, kuma kowa wuri ɗaya yake ajiyewa, tunda layi ɗaya kowa yake gani. Mai cin bashin dandali kuma, ganin farashi ba ya motsi, sai ya ƙara girman cinikinsa don ɗan motsin ya ba shi wani abu. Ranar da layin ya tsage, umarnin tsayar da asara ya koma umarnin sayarwa, dandali ya rufe cinikin masu bashi da ƙarfi, wannan ma sayarwa ce, sai faɗuwa ta riƙa haifar da faɗuwa. Haka aka yi ranar 14 ga Nuwamba, ana jajibirin rabuwar wani koyin mai suna Bitcoin Cash gida biyu. Kyandir ɗin ranar, wato zanen da ke nuna motsin farashin yinin a jadawali, ya rufe wajen 5,700, da ciniki mai yawa.

Yanzu mu auna yadda ake koyarwa. Bakin alwatika daga 11,700 zuwa 6,000, wato 5,700. A cire 5,700 daga 6,000, saura 300. Wato awon yana cewa Bitkoyin zai koma dala 300. Wanda kuma ya fara jan layinsa daga 20,000, bakin nasa 14,000 ne, lissafinsa zai faɗa ƙasa da sifili. Farashi dai ba ya bin mutum bashi. Daga nan ya kamata mai hankali ya tsaya ya ce akwai matsala a ma'aunin.

Matsalar ita ce kasuwa da kaso take tafiya. Faɗuwa daga 11,700 zuwa 6,000 kusan rabi ce, kashi 49 cikin ɗari. Idan za a maimaita wannan faɗuwar daga 6,000, rabin za a sake cirewa:

`6000 × (6000 ÷ 11700) ≈ 3077`

Ina farashin ya tsaya? Ranar 15 ga Disamba, tsakanin 3,100 da 3,200, gwargwadon dandalin da mutum yake kallo. A manhajar jadawalin farashi ta TradingView ba sai ka yi lissafi da hannu ba. Ka mayar da ma'aunin gefe zuwa Logarithmic, ko ka ɗauki Price Range ka karanta kason da ya nuna maimakon adadin dala. Ƙa'idata a nan mai sauƙi ce: idan bakin alwatika bai wuce kashi biyar ko goma na farashi ba, kamar yadda aka saba gani a EURUSD ko XAUUSD, wato farashin yuro ko zinare da dala, a kyandir ɗin awa ɗaya, ragi da kaso kusan amsa ɗaya suke bayarwa, kada ka wahalar da kanka. Idan ya haura kashi ashirin, abin da yake ruwan dare a ƙananan koyin, kaso kawai.

Amma ku lura da wani abu, don kada a ce na zo tallan sabon sihiri. Ko awon kason bai cika ba. Wanda ya shiga cinikin sayarwa, irin wanda ake cin riba idan farashi ya faɗi, ya kafa Take Profit ɗinsa, wato umarnin kwasar riba, daidai a 3,077, farashi ya zo dab da shi ya juya bai taɓa ba. Idan ya nace yana jira, a Afrilun 2019 ya ga 5,000, a Mayu ya ga an haye 6,000, ribar da ta kai kusan rabin farashi ta narke a hannunsa. Mai jiran 300 kuwa ba a ma maganarsa.

Saboda haka awon alwatika iyakar fata ce, ba alkawari ba. Bayan ka fitar da lambar, aikin na biyu shi ne ka waiwaya hagu ka ga me ke kan hanya. A wannan jadawalin, faɗuwar Satumbar 2017, lokacin da Sin ta rufe dandalolin musayar kirifto, ta tsaya ne wajen 3,000. Ga awon kaso yana nuna 3,077, ga tsohon wurin da masu saye suka taɓa tsayawa a 3,000, ga shi lamba ce cikakkiya da ido ke so. Duk wanda ke jiran saye a nan zai ɗan matso sama don kada a riga shi. Kai mai son rufe ciniki dole ka riga su duka, wato ka ajiye naka wajen 3,300, ba a kan layin ba. Ka shiga a 5,700 bayan rufewar kyandir, ka tsayar da asara a saman kai na ƙarshe wajen 6,500, kasadarka 800 ke nan, abin da kake nema 2,400, ninki uku. Ni da zan raba shi ma, in kwashe rabi a tsakiyar hanya wajen 4,500, in sauko da Stop Loss, wato umarnin tsayar da asara, zuwa inda na shiga. Wannan lissafin kafin shiga ake yin sa. Idan aka auna aka ga tsohon wurin tsayawa yana kusa har ribar ba ta kai ninki biyu na kasada ba, a bar cinikin ya wuce, komai kyan zanen.

Wani zai ce ai a Yuni ma farashi ya leƙa ƙasa da 6,000, ya kai wajen 5,800, sannan ya koma har 8,400. Haka ne, kuma wanda ya sayar a wannan leƙen ya sha wuta. Bambancinsa da Nuwamba shi ne a Yuni an leƙa an dawo ciki da wuri, babu wanda ya bi bayan faɗuwar. A Nuwamba an rufe ƙasa da duk ƙasƙancin shekarar, aka kwana, aka sake kwana, ba a dawo ba. Tsofaffin masana jadawalin hannun jari suna neman rufewa da ta wuce layi da kamar kashi uku cikin ɗari, kuma a kirifto na kyandir ɗin yini ina ganin wannan ma shi ne mafi ƙaranci. Suna kuma cewa ɓallewa mafi kyau tana zuwa ne tsakanin rabi da kashi uku cikin huɗu na tsawon alwatika, in an kai tsini ƙarfinta ya mutu. Ta 2018 sai da ta matso tsini sosai, kuma ta yi aiki. Masu jiran farashi ya dawo ya sumbaci layin kafin su shiga, su ma ba su samu ba sai bayan wata shida, lokacin labari ya canja.

Sai weji, wanda ake yawan haɗa shi da alwatika a awo ɗaya, kuma kuskure ne. A weji layukan biyu gefe ɗaya suke fuskanta, ko duka sama ko duka ƙasa, suna matsewa. Weji mai hawa yana nuna farashi na ƙaruwa amma kowane sabon kai da ƙyar yake wuce na baya, shi ya sa aka fi sa ran ya ɓalle ƙasa. Wurin da ake nufa a nan shi ne tushensa, inda ya faro. A ce wani koyin ya fara hawa daga 100, ya kai 118, ya dawo 110, ya kai 124, ya dawo 118, ya kai 127, sannan ya fasa layin ƙasa a 123. Iyakar fatarka 100 ce, amma 118 da 110 duk tashoshi ne da aka taɓa saye a cikinsu, kuma ko wanne zai iya tare faɗuwar. Stop Loss a saman 127, kasada kamar 5. Zuwa 118 riba 5 ce kacal, ba ta biya ba. Zuwa ɗan saman 110 an sami ninki biyu da ɗoriya, nan ne wurin kwasar kaso mafi tsoka, ragowar a bar shi ya gwada 100. Haɗarin weji shi ne yana iya ci gaba da rarrafe sama fiye da haƙurinka, don haka wanda ya sayar tun yana ciki, wai ya hango ɓallewa, sau da yawa shi ake fara korewa kafin layin ƙasan ya tsage.