Ranar da Na Raba wa Yara Talatin da Takwas Kare

Ni ce malamar Hausa a wata firamare a Kano, kuma duk yaron da ya bi ta hannuna ya san hukuncina: ka rubuta "ƙasa" babu lanƙwasa a kan k, rabin maki ya tafi. Har suna suka sa mini a bayan idona, wai Malama Ƙugiya. Ku riƙe wannan, za ku gane dalilin da ya sa har yau nake sunkuyar da kai in zan wuce shagon kwamfutar bakin titinmu.

A zango na uku Hedimasta ya ɗora mini gasar karatu ta 'yan aji huɗu zuwa shida. Sharaɗin ba shi da wuya: littafi goma cikin mako goma sha biyu. Kowane yaro yana da kati, in ya gama littafi ya zo ya ba ni labarin da bakinsa, na rubuta sunan littafin, na buga masa hatimi. Yara sittin da uku suka shiga, talatin da takwas suka kai goma, mata ashirin da uku, maza goma sha biyar. Ranar Alhamis za a ba da hutu, a ranar za a raba satifiket.

Daren Litinin na zauna rubuta kalmomin da za a buga, ilhama ta sauko mini. Na sa "gwarzon gwaraza", na sa "fitilar al'umma", na sa "wanda ya ratsa kogin ilimi bai jiƙe ba". Da safe Hedimasta ya karanta, ya cire tabarau ya dube ni.

"Malama, satifiket ne wannan ko kirarin hawan sallah? Ina yaron zai sa sunansa?"

Na ji haushi, amma gaskiyarsa ce, don ko kwali biyu aka haɗa ba zai ɗauka ba. Na yanke shi ya koma layi ɗaya: "Wannan takarda shaida ce cewa Wane ya ƙare karatun littattafai goma. Allah ya ƙara basira." Gurbin suna na bar shi fili, zan cike da hannu.

Yaron shagon kwamfuta mai fara'a ne, Anti yake ce mini. Ya zaɓo wani salon rubutu mai kwalliya da wutsiyoyi irin na katin biki, sunansa Old English Text MT, ya ce duk satifiket na manya da shi ake yi. Abin da ban sani ba a lokacin shi ne, irin waɗannan salon rubutu na ado yawancinsu ba a zana musu ƙ da ɗ da ɓ ba. In ka sa harafin, ko dai ya fito ɗan akwati, ko kwamfuta ta aro shi daga wani salon, ya tsaya a tsakiyar kalma kamar baƙo a gidan suna. Shi da ya ga akwati, sai ya taimake ni: ya goge ya sa k tsirararta. Ya ce, "Anti, duba ki gani." Ni kuwa ina kan waya da ƙanwata muna lissafin kuɗin anko. Na leƙa, na ga zinariya a gefe-gefe, na ɗaga masa babban yatsa. Kwali talatin da takwas, mai sheƙi, girman A4, na biya ban ko nemi ragi ba.

Da daddare na baje su a kan tabarma da biro a hannu. Suna na farko a jerina yarinya ce. Na rubuta sunanta da kyau, na karanta layin gaba ɗaya, sai na ji cikina ya juya. Wance ya. Mata ashirin da uku na mayar maza da kuɗina. Satifiket ɗin da na saba gani duk na Turanci ne, shi kuwa can kalma ɗaya ke biyo bayan suna ko na mace ne ko na namiji. Hausa ba ta yarda da wannan ba. Da zarar ka ajiye suna ka biyo shi da aiki, sai ka faɗi ya ne ko ta. Abin da nake koya wa 'yan aji uku ke nan.

Ina cikin wannan jimami ɗana mai shekara takwas ya ɗauki guda, ya bi da yatsa.

"Mama, wane ne karen?"

"Wane kare?"

"Ga shi nan, ya kare. Kuma Allah ya kara. Karan dawa?"

Maigidan yana gefe yana shan shayi, ya ƙware har sai da na buga masa baya. Da ya farfaɗo abin da ya fara cewa shi ne, "Rabin maki sau biyu, sau talatin da takwas. Ke nawa ya rage miki?"

Na san mutane da yawa a waya haka suke rubutu babu lanƙwasa, kuma ana ganewa. Amma ku yi tunanin 'yan aji biyar, an miƙa musu takarda mai hatimin makaranta da kalmar "kare" kusa da sunan abokinsu. Sunan zai bi yaro har sakandare. Na gwada gyara da biro, na ɗora ƙugiya a kan k, na nemi mayar da y ta koma t. Kwali mai sheƙi ba ya shan tawada; ina ɗaga hannu ta shafe, abin ya koma kamar sawun kaza a taɓo.

Laraba da sassafe na koma shagon. Yaron ya ce abu mai sauƙi ne, a sa "ya/ta", in soke wanda ba shi ba. Na ce masa ba katin asibiti nake rabawa ba, takarda ce da uwa za ta rataye a bango. Ya ce to a buga kashi biyu, na maza da na mata. Wannan yana yiwuwa, amma kuskuren suna ɗaya ya isa ya bar ni da ragowar na maza alhali ta mace nake nema. Ina zaune a kan bencinsa ana ƙoƙarin tayar da janareta, sai nahawun da nake ci da shi ya tuna da ni. Matsalar tana zuwa ne in yaron shi ne mai aikatawa a jimlar. In aka ce "an ba da", aka biyo da "saboda kammala", babu inda za a nemi ya ko ta. Na karɓi takarda na rubuta:

TAKARDAR SHAIDA
An ba da wannan takarda ga
(gurbin suna)
Aji: (gurbi)
saboda kammala karatun littattafai (gurbi)
a gasar karatu ta zango na uku, shekarar karatu ta 2024/2025.

A ƙasa gurbi biyu na sa hannu, nawa da na Hedimasta, da kwanan wata. Saura ƙiris in sake faɗawa rami a layin aji, don hannuna ya fara rubuta "ɗan aji", wanda shi ma sai an yi masa "'yar aji". Har "na aji biyar" ba ta tsira ba, tunda mace "ta aji biyar" ce. Shi ya sa na bar "Aji" ita kaɗai da ɗigo biyu. Adadin littattafai ma na bar shi fili, saboda akwai yarinyar da ta karanta goma sha huɗu, kuma in aka rubuta mata goma za ta zo har gida ta tuna mini. Akwai kuma wani gwani da ya yi mini shari'a a kan Magana Jari Ce, ya ce Abubakar Imam littafi uku ya yi, don haka hatimi uku yake bi na. Na duba, ya yi gaskiya, na biya shi.

Da na sake karanta sabon rubutun sai na ga ko harafi mai lanƙwasa ɗaya babu a ciki. Duk da haka na sa aka koma Times New Roman, na nuna wa yaron dabarar da ta kamata a ce na nuna masa tun jiya: a Word ka rubuta 0199 ka danna Alt+X, ƙ ta fito, 0257 na ɗ ne, 0253 na ɓ. Aka adana shi PDF, aka buga guda ɗaya tak a farar takarda, na karanta da ƙarfi kalma-kalma, waya tana cikin jaka. Wannan karon kwali marar sheƙi na saya, mai karɓar biro, na kuma ƙara biyar saboda tsautsayi.

Takardar godiya kuwa akasin haka na yi mata. A nan ba na son "an", don yaro ba zai ji da shi ake ba sai an ce ka ko ki. Na buga kashi biyu a rabin A4, na yi wa duka sittin da ukun, har da waɗanda suka tsaya a littafi shida ko bakwai. Ta mata cewa take: "Na gode da kika riƙa zuwa kina ba ni labarin abin da kika karanta. Na ji daɗin sauraronki. Ki gaishe mini da mutanen gida, ki ce na gode da suka bar ki kika zauna da littafi." Na bar layi biyu a ƙasa, na riƙa duba katin kowa ina ƙara abu guda da hannu. Wani na rubuta masa, "Har yanzu ina dariyar yadda ka kwaikwayi muryar kura." Wannan layin ne ya kai ni ƙarfe ɗaya na dare, kuma shi ne na ga suna nuna wa juna washegari, satifiket ɗin na ƙarƙashin hammata.

Tsofaffin kwalayen na ɗaure su a leda, na ajiye a ofishin malamai da niyyar in ƙona bayan an tashi. Alhamis aka tashi da zufa irin ta damina, ga iyaye cike da fili, ga ba wuta. Ina tsaye ina kiran suna, sai na hango masinja yana bin layin manyan baƙi yana raba abin fifita. Mai zinariya a gefe-gefe. Hedimasta na fifita da ɗaya, shugaban ƙungiyar iyaye da malamai na fifita da ɗaya, wata Hajiya kuma ta daina fifitar, ta gyara tabarau tana karantawa. Tana gamawa ta ɗago, ta nuna ni da kwalin.

"Malama, ba ke ce kika rage wa jikana maki a kan ƙugiya ba?"