Samari, ku daina wanke gemu da sabulun wanki

Jiya Juma'a a sahu kusa da ni wani matashi ne, shadda ruwan bula ta sha guga, gemu tubarkalla, amma tunda liman ya hau mumbari yake susa, ƙirjin rigar duk farin gari kamar ya fito daga wajen niƙa. Bayan sallama na ce ƙanena me kake wanke gemun nan da shi? Wai sabulun wanki da ruwa mai zafi sosai, safe da yamma, don ya kashe amosanin. Haba jama'a!

Sabulun da aka yi don cire maiƙo daga tufa shi za ka goga ma fatar fuskarka, kuma a hunturun Katsina da leɓe ma ke tsagewa? Fatar da ke ƙarƙashin gemu tana da ɗan man da ke kare ta, ka kwashe shi sai ta bushe ta fara ɓarewa, ka ga gari ka ce datti ne ka ƙara sabulu, ka sa farce, garin neman gira a rasa ido. Wani har omo wallahi, wani kuma ko ɗauraye kumfar ba ya yi da kyau, ta bushe a gindin gashi ta yi ta cinsa. Ga kuɗin data da na turare ba sa gagara, amma sabulu mai laushi shi ne tsada.

Kuma ba duk gari ne bushewa ba. In fari ne siriri kuma fata na ɗaurewa bayan wanka, bushewa ce, ruwa mai ɗumi kaɗan ya isa, sabulu mai laushi sau biyu ko uku a sati, ka tsane da tawul har gindi sannan ɗan man kaɗanya a kan fatar, ba kan gashi kawai ba. In kuwa ɓawon mai maiƙo ne yana ɗan rawaya, har gefen hanci da gira, wannan amosani ne na gaske, wani naman gwari ne da ke cin man fata, ka labta man zaitun ka ƙara masa abinci ne. Shi sai shamfu mai ketokonazol kashi 2 cikin 100, sau biyu a sati, ka bar kumfar minti 3 zuwa 5 kafin ka ɗauraye. Wata guda ba sauƙi, ko gashi na zubewa, ko ƙuraje da mugunya, tafi asibiti, ka bar kirim ɗin haɗe-haɗen nan na kemis.

Iyayenmu da ƙaramin mataji a aljihu suke yawo, in suna alwala sai yatsu sun ratsa gemu har fata, wanzami na da ranarsa. Yanzu an tara gemu don hoto, an bar abin da ke ƙarƙashinsa ma sabulun wanki, kuma ka yi magana a ce ka cika sa ido.