Ɗakina na Garwa da firjin Kawu

Da zan tafi Gabon neman kuɗi, na ƙi sakin ciki da falon da nake haya a unguwar Yelwa, a Garwa. Sefa 25,000 ne a wata, kuma kayana na ciki: gado, katifa, akwatin littattafai da keken ɗinkin marigayiya innata. Muka yi magana da mai gidan cewa zan riƙa biya duk wata uku, wato 75,000. Makulli kuwa na damƙa wa Kawu, ƙanen mahaifiyata, mutumin da ko gaisawa za ku yi sai ya ja maka aya.

Sharuɗɗana biyu ne kacal. Ya kai kuɗin ya karɓo rasit, sannan ya buɗe ɗakin ya duba yoyo da gara, ya turo mini hoto ta WhatsApp. Nakan ƙara masa 5,000 na babur da ladar cire kuɗi a waya. Zancen canji bai taso ba, tunda Gabon da Kamaru sefa ɗaya muke kashewa.

Zagaye na farko komai lafiya. Ga rasit da sa hannun mai gida, ga ƙofata a kulle, ga wata akuya kwance a gindin dalbejiya. Har na ce wa abokan zamana, wanda bai da kawu irin nawa ya yi asara.

A zagaye na uku ne na fara tsarguwa, kuma akuyar ce ta tona. Hoton watan Agusta ya iso, akuyar na nan kwance yadda na san ta, ƙasa a bushe ƙamas, sama ta yi fari fat da hazo. Duk wanda ya taɓa zama a Garwa ya san Agusta tsakiyar damina ce, lokacin da Binuwai ke cika, tsakar gida ta koma caɓi. Hazon hunturu me ya kawo shi? Na koma kan rasit ɗin. Ɗigon shayin da ke gefen na farko yana gefen na uku, sai dai wannan karon babban yatsan Kawu ya zauna daram a kan kwanan wata.

Na kira shi cikin ladabi. "Kawu, akuyar nan ba ta tashi ne?"

"Ɗana, dabbar mutane ce, ni zan tashe ta?"

Na bar maganar, don ba a yi wa kawu tambaya biyu a jere. Sai takardar kuɗin wuta ta ƙarasa aikin. Ɗakin da ba kowa, wanda da ina nan ma ban taɓa biyan abin da ya wuce 3,000 ba, ya sha wutar 18,000. Na ce a turo mini hoton mita in ga lambar da ta hau. Kawu ya ce mitar tana wuri mai duhu. Ni na san a bakin ƙofa take, rana na dukanta tun hantsi.

Sannan mai gida ya kira da kansa. Ya tambayi aiki, ya tambayi sanyin Gabon, ya yi mini addu'a mai tsawo, kafin ya ce wata shida ke nan bai ga ko dala ba, sai ƙanƙara da ake aiko masa kullum da la'asar.

Ƙanƙara?

Na sauka Garwa a watan Afrilu, ana zafin da kwalta ke kama takalmi. Makullina ya ƙi buɗe ƙofata. Ina cikin kokawa da kwaɗo wani yaro ya taɓa ni, ya ce in bi layi. Na waiga, ashe mutanen da ke bayana da kuloli ba 'yan tarba ba ne.

A falona firji ne ƙato irin na kwance, yana gurnani, cike da ƙanƙara da zoɓo a leda. An jingine katifata da bango, ta sha ruwan da ke tsiyaya. Akwatin littattafai kuwa gara ta yi hanyarta ta ƙasa daga gindin bango har cikinsa, na ɗaga littafi ɗaya bangon kawai ya biyo hannuna. Keken inna ne ya tsira, shi ma don a kansa ake ƙirga ciniki.

Kawu bai ko ƙifta ido ba. Ya ce ɗakin da ba a shiga aljanu ke tarewa, shi ya sa ya raya mini shi. Kuɗin haya kuma bai ci ba, juya su ya yi: 150,000 ɗina ne suka zama firjin.

Na biya mai gida bashinsa daga guzurina. Yanzu kai tsaye nake tura masa a lambarsa, saƙon shaidar biya ya zauna a wayata. Duba ɗaki kuma na ba ɗan maƙwabcinmu, bidiyo yake yi mini yana faɗin ranar, ya nuna mita, silin da gindin bango.

Firjin dai na ce tunda da kuɗina aka saya, nawa ne. Kawu ya amince nan take, ya sa aka kai shi gidansa don ya kula mini da shi. Jiya ma ya turo hotonsa.