Amsa tukuna, gaisuwa daga baya: gyaran shafin tambayoyin masu saye

Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban shago a Kantin Kwari ya san yadda ciniki ke tafiya. Mace ta ɗaga atamfa ta ce, "Wannan tana zuba?" Yaron shago ba ya soma mata da tarihin maigidansa. Cewa zai yi, "Wankin farko tana ɗan saki, Hajiya, a wanke ta ita kaɗai." Ta ji abin da take son ji, sai a shiga maganar kuɗi. Amma da zarar shagon nan ya buɗe shafi a intanet, ya zo rubuta sashen da ake kira FAQ, wato tambayoyin da aka fi yi, sai bakin ya sauya. A fara da godiya, a bi da kirarin inganci da riƙon amana, amsar kuwa tana can ƙasa, in ma akwai ta.

Mu da ke zaune a Ingila muna sayen kaya daga gida mun fi kowa jin ciwon wannan, domin ba mu da damar taɓa yadi ko kallon idon mai shago. Rubutun nan shi ne yaron shagonmu. Kuma idonmu ya saba da wani salon. A nan, in ka duba maganar mayar da kaya a shafin babban kanti, galibi layin farko adadin kwanaki ne. Hukumar da ke kula da shafin gwamnatin Birtaniya, GOV.UK, ta ma hana marubutanta yin sashen FAQ gaba ɗaya, bisa hujjar cewa in bayani ya zauna inda mai nema zai same shi, ba sai an sake jera shi a matsayin tambayoyi ba. Ban bi su har can ba. Ga mai sayar da atamfa, leshi da shadda, wanda rabin cinikinsa a WhatsApp yake, sashen tambayoyi yana da amfani ƙwarai. Abin da ya kamata mu ɗauka daga gare su shi ne tsarin jimla: abin da mutum ya zo nema shi ke gaba.

Mu ɗauki misalin shago a Kano mai sayar da yadi, yana ba da ɗinki, yana kuma aika kaya waje. Ga yadda ake yawan rubuta maganar isar kaya: "Muna godiya da zaɓenmu. Mun himmatu wajen ganin kayanku sun iso cikin aminci a kan lokaci. Lokacin isowa ya danganta da inda kuke." Jimla uku, babu kwana ko ɗaya a ciki. Matar da bikin ƙanwarta ya rage mako uku ba ta ƙaru da komai ba. Gyararren zai zama kamar haka: "Yadi marar ɗinki yana isa Ingila cikin kwana 7 zuwa 10 daga ranar da kuɗi ya shigo. In da ɗinki, a ƙara kwana 14. Daga tsakiyar azumi zuwa Sallah ba ma karɓar sabon ɗinki." Kwanakin nan na misali ne, kowane shago ya sa nasa, amma ya sa na gaskiya, wanda ya ciro daga aiken da ya riga ya yi. Ya duba kwali ashirin na ƙarshe, ya ga wanda ya fi daɗewa a hanya, ya rubuta wannan a matsayin iyaka. Wanda ya rubuta kwanakin da yake fata, shi zai kwana yana ba da haƙuri.

Na san abin da za a ce: a al'adarmu ba a faɗa wa mutum magana babu gaisuwa. Haka ne a baki, kuma ba na so mu rasa shi. Sai dai mai karanta shafi a waya ba baƙo ba ne da ya yi sallama aka shimfiɗa masa tabarma. Yana tsaye a tashar bas ko yana hutun minti goma a wurin aiki, layi biyar ko shida yake gani a lokaci guda. A yi sallama da godiya sau ɗaya a saman shafi, ya wadatar. Maimaita su a kan kowace amsa ɓata wa mutum lokaci ne da sunan girmama shi.

Babbar matsalar ma ba ta tsarin jimla ba ce, ta tambayoyin ce kansu. Sau da yawa mai shago ne ke ƙirƙiro su: "Me ya sa za ku zaɓe mu?" "Kayanku masu inganci ne?" Babu mai sayen da ya taɓa tura wannan. Tambayoyin gaskiya suna cikin wayar shago. A zauna da saƙonnin wata biyu ko uku da suka wuce, har da na murya, a kwafe kowace tambaya a takarda da kalmomin wanda ya yi ta, duk lokacin da ta sake fitowa a ja mata sanda. A kula musamman da hirarrakin da suka mutu, inda mutum ya yi tambaya, aka amsa, ya yi shiru bai biya ba. Tambayar ƙarshe kafin shirun nan ita ce shakkar da ba a warware ba. Sannan a jera su bisa yawan sanduna, kuma a bar su da bakin masu su. In mutane "tana zuba?" suke cewa, kan maganar ya zama "Atamfar tana zuba?", kada a mai da shi "Bayani game da kula da tufafi". Ido yana neman kalmar da ke cikin kansa ne.

Akwai kuma tambayoyin da ba za a samu a waya ba, saboda kunya ta hana a yi su. Bahaushe ba zai ce wa mutum kai tsaye "ina tsoron ka cinye mini kuɗi" ba. Zai kewaya: "Shagonku a wane layi yake?" "Wance ta taɓa saye a wurinku?" Duk tambaya ɗaya ce. Mai shago ya rubuta ta da kansa, ya ɗauke wa mai saye nauyin: "In na biya kaya bai zo ba fa?" Amsa ta soma da abin da za a yi: za a mayar da kuɗi duka, ko rabi, ko za a sake aikawa, kuma bayan kwana nawa. Daga nan sai sunan da ke kan asusun banki, cewa daidai yake da sunan shago, da adireshin da ɗan'uwa a Kano zai iya zuwa ya gani da idonsa, da lokacin da za a tura lambar bibiyar kaya. "Mu masu amana ne" ba amsa ba ce, domin macuci ma haka yake rubutawa.

Inda ciniki ya fi lalacewa tsakanin gida da nan shi ne kuɗin da ke ɓullowa bayan an gama magana. Na farko kuɗin awo ne. Kamfanonin aike ta jirgin sama ba nauyin sikeli kaɗai suke dubawa ba, suna auna girman kwali. Da yawansu suna ninka tsawo da faɗi da tsayi a santimita, su raba da 5000, su caji wanda ya fi yawa tsakanin wannan da nauyin sikeli. Kwali mai 50 da 40 da 30 ya ba da 60,000, a raba da 5000 ya zama kilo 12. In an cika shi da huluna da kayan da ba sa son matsi, sikeli ya nuna kilo 7, kuɗin kilo 12 za a biya. Mai sayen da aka ce masa "kaza ne kilo" bai san da wannan ba, sai ya ɗauka an yi masa ƙari. Layi biyu a shafi da wannan lissafin sun kashe rigimar tun kafin ta taso.

Na biyu haraji ne. In darajar kaya ta haura fam 135, mai karɓa a Birtaniya ne ake nema da harajin VAT na kashi 20 cikin ɗari, kuma ana lissafa shi har da kuɗin aike. Kayan fam 200 da aiken fam 50 sun zama 250, harajin ya kama fam 50, ban da kuɗin fito in ya hau kansa, ban da ladan da kamfanin aike ke ɗorawa na biya wa mutum a kwastan. Ba a sakin kwalin sai an biya. Tambayar ita ce, "Zan sake biyan wani abu in kaya ya iso?" Amsar kuma ta fara da "Eh". Masu shago suna gudun wannan "eh" ɗin don kada mai saye ya fasa. Wanda zai fasa saboda fam 50 gara ya fasa kafin a yanka yadi, da ya ƙi karɓar kwali bayan ya tsallaka teku.

Haka "a'a" take. "Za ku haɗa mini da kilishi?" A'a, dokar Birtaniya ta hana shigo da nama da abin da aka yi da nama daga Najeriya, ko a jaka ko ta aike, kuma in an gani ƙwacewa ake yi. "Ya danganta" a nan zalunci ne.

Maganar mayar da kaya ita ce inda tunanin gida da na nan suka fi nisa. A kasuwanninmu an saba da cewa kaya in ya fita ba ya dawowa. A Birtaniya kuwa, dokar sayayya daga nesa ta 2013 ta ba wanda ya sayi abu ta intanet kwana 14 daga ranar da ya karɓa ya ce ya fasa, ko da abin ba shi da aibi. Amma dokar ta cire abin da aka yi wa mutum bisa awonsa. Mai saye da ke zaune a nan da wannan tunanin yake karanta shafinka, don haka shiru a kan batun yana nufin abu ɗaya a wurinsa, wani dabam a wurinka. A raba amsar gida biyu: turmin da ba a yanka ba, ana karɓa ko ba a karɓa, cikin kwana nawa, wa ke biyan aiken dawowa, ɗinkakke kuma ba ya dawowa sai in tela ne ya saɓa awon da aka tura a rubuce. A faɗi ko yadi nawa ne a turmi, shida ne ko an rage, domin wannan ma yana jawo faɗa.

In an gama, a gwada. A rufe komai a bar jimlar farko ta kowace amsa: in ita kaɗai ba ta ƙunshi eh, a'a, adadi ko rana ba, a sake rubutawa. Sannan a miƙa waya ga wanda bai san shagon ba a ce ya nemo ko nawa ne aiken kilo biyar zuwa Manchester, a yi shiru a ga inda yatsansa ya tsaya. Bayan wata guda a koma takardar sanduna. Tambayar da har yanzu ke shigowa alhali amsarta na shafi, ko dai kan maganarta ba da kalmomin mutane aka rubuta ba, ko amsar ta kewaye abin da suke tsoro. Farashin aike kuma, tunda yana tafiya da canjin dala, a sa ranar da aka sabunta shi a gefensa, a kuma ba mutum ɗaya a shago aikin duba shi duk ranar da kamfanin aike ya sauya kuɗi.